Kafin ku ce rumbun bayanai ya yi kuskure, ku duba ma'auninsa

'Yan'uwa masu nazarin kamfanoni, idan rumbunan bayanai biyu suka saɓa kan ɓangaren da kamfani yake, kada ku yi saurin goge ɗaya. Ku fara duba tsarin lambobin da kowanne ke bi, don ba da mudu ɗaya suke awo ba.

Ku ɗauki kamfanin Visa. A shafin EDGAR na hukumar hannayen jari ta Amurka, lambarsa a SIC, wani tsarin rarraba kamfanoni bisa sana'arsu, ita ce 7389, rukunin hidimomin kasuwanci da ba a ware musu gida ba. Tsarin SIC tsoho ne, rabonsa da gyara tun 1987, shi ya sa Visa ya faɗa kwandon tarkace tare da kamfanonin da ba su haɗa komai da shi ba. Shi kuwa tsarin GICS, na kamfanonin MSCI da S&P, ya fi kallon inda kuɗin shigar kamfani ke fitowa, kuma ana sake masa fasali lokaci-lokaci. A GICS, kafin Maris 2023 Visa yana ƙarƙashin Information Technology, wato ɓangaren fasaha, daga nan aka mayar da shi Financials, ɓangaren harkokin kuɗi, alhali sana'arsa ba ta canza ba.

Wannan sauyin ne ya fi damuna. In ka kwatanta ɓangaren fasaha na 2022 da na 2024, za ka ga Visa da Mastercard sun ɓace, lissafinka ya karkace ba ka sani ba. Don haka a teburinku ku ware gurbi uku: lambar, sunan tsarin, da ranar da kuka ɗauko ta. In kwatancen shekaru ne, ku ɗora duka shekarun kan rabe-raben ɓangarori na shekara guda.