Masu Son Yin Itanol Da Rogo Ko Rake, Ga Shawara

Jama'a wallahi tafasa kadai ba za ta ba ku itanol zalla ba. Yis ne ke cin sukari ya fitar da itanol da iska, shi ya sa kuke ganin kumfa a durom, idan kumfa ta tsaya to ya gama, idan itanol ya kai kusan kashi 15 cikin 100 shi kansa yis din mutuwa yake. Sai a dora a wuta a tara tururin, itanol na tafasa a digiri 78, ruwa sai 100, amma tururin tare suke tashi, ko sau nawa kuka maimaita ba za ku wuce kusan kashi 96 ba, don a nan hadin itanol da ruwa na cikin tururi da na cikin tukunya ya zama iri daya. Sauran ruwan sai an zuba abin da ke tsotse shi, kamar ziyolait.