Matakan share bayanan abokan ciniki kafin a ba ChatGPT

Duk abin da ka rubuta wa ChatGPT ba a wayarka yake tsayawa ba. Yana tafiya na'urorin kamfanin da ya yi ChatGPT a ƙasashen waje, a ajiye shi, ana kuma iya amfani da shi wajen horar da manhajar. Idan kai ke rubuta wa wani Alhajin kasuwar Maraɗi wasiƙar neman bashinsa, ga yadda za ka yi.

Da farko rubuta wasiƙar a wani wuri daban. Cire sunan wanda ake bi, ka sa "Malam Wane". Cire lambar wayarsa da lambar asusu da yawan kuɗin. A nan ake yawan yin kuskure: a cire suna a bar "mai shagon taya kusa da tasha". Wannan kwatance ya isa a gane mutum, shi ma cire shi.

Sannan shiga Settings na ChatGPT, ka zaɓi Data controls, ka kashe "Improve the model for everyone". Wannan yana hana horarwa da sabbin hirarrakinka, amma bai hana ajiye su ba, shi ya sa sharewar farko ta fi muhimmanci.

Bayan haka sai ka tura wa ChatGPT wasiƙar. In amsa ta fito, kwafe ta, ka mayar da sunaye da kanka. Hoton rasit ko katin shaida kuwa, kada ka tura ko kaɗan.