Yadda na gyara saƙon neman cikon kuɗin biki

Girkin biki nake yi a Kaduna. Wata uwar amarya a Unguwar Rimi ta ba ni aikin abincin walima, mutum 200, a kan naira dubu 900. Ta ba da kafin alƙalami dubu 400, saura dubu 500.

Saƙon da 'yan girki muka saba turawa shi ne: "Hajiya, a taimaka da cikon nan idan da hali." Shi na tura, amsa ta zo: "In sha Allah." Ba adadi, ba rana, kuma "idan da hali" ya mai da haƙƙina kamar roƙo. Uwar amarya kuwa, mai kwalliya da mai hoto duk suna kanta, wanda ya faɗi rana shi ake fara sallama.

Sai na sake rubutawa:

"Assalamu alaikum Hajiya, ya hidima? Allah Ya sanya alheri. Jimillar aikinmu dubu 900 ne, kin ba da dubu 400, saura dubu 500. Ina roƙon a turo kafin Azahar ranar Laraba, domin Alhamis da safe zan shiga Kasuwar Bacci sayen shinkafa da mai, in kuma biya mai kaji. Idan bai shigo ba, abincin mutum 90 kawai kuɗin hannuna zai ɗauka ranar Asabar. Ƙarin baƙi kuma dubu 4 da 500 ne kowane mutum, a sanar da ni kafin Laraban. Ga lambar asusuna a ƙasa."

Maganar mutum 90 ce ta yi aiki, don ta nuna mata abin da jinkiri zai jawo ba tare da na ce zan fasa ba. Talata da daddare kuɗin suka shigo, har da ƙarin mutum 20.