Rubuta ƙ, ɗ da ɓ a Word ba tare da kwafe-kwafe ba

Jama'a, ku daina farautar ƙ a tsofaffin rubuce-rubuce kuna kwafowa. A Word, ku rubuta lambar harafin, ku danna Alt+X, nan take ta rikiɗe.

Lambar ƙ ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ 0253. Manyansu kuwa, Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181. 'Yan uwa na Nijar, ƴ ɗinku 01B4 ne.

Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode, Alt+X kuma yana karanta lambar da ke gabansa ne kawai.

Ga inda ake tuntuɓe. A wannan lissafi, a, b, c, d, e da f su ma lambobi ne. In kuna son rubuta baƙi kuka buga ba0199, Word zai haɗa ba da lambar, ƙ ba zai fito ba. Maganinsa, ku sa U+ a tsakani:

```
baU+0199
```

Sai Alt+X, sannan ku ƙara i.

Dabarar ba ta aiki a Chrome ko Excel. A can ku buɗe charmap, manhajar Windows mai nuna jerin haruffa, ku kwafo harafin.