Idan gwaji ya saɓa wa littafi, kada ka gyara masa zama

Duk shekara ɗalibai a nan Damagaram suna kawo mini rahoton gwajin gona, kurakuran kuma ba sa canzawa.

Babbansu shi ne ɓatar da lambar da ba ta yi wa mutum daɗi ba. A ce ka gwada takin NPK 15-15-15 a hatsi, giram 6 a kowane rami, fegi huɗu da taki, huɗu babu. Masu taki suka ba da kilo 6,1 da 5,8 da 6,4 da 2,9, matsakaicinsu 5,3 ke nan, marasa taki kuwa 5,6. Littafi ya ce taki na ƙara amfani, sikeli ya ce a'a. Sai ɗalibi ya share 2,9 ɗin nan, matsakaici ya hau 6,1, kowa ya yi murna.

Wannan ƙarya ce, ko da ba ka ƙirƙiro lamba ko ɗaya ba. Ni dokata, ba a fitar da fegi sai da dalilin da aka rubuta tun kafin awo: awaki sun shiga, ko ruwa ya kwanta a ciki. Ko da akwai dalilin, kawo lissafi biyu, da fegin da kuma ba shi, mai karatu ya gani da idonsa. Na taɓa ɗora aikin damina guda kan rahoton wani da aka yi wa irin wannan shara. Sai bayan girbi na ji cewa takin ya ƙone masa tsiro a fegin da ya ɓoye, don ya zuba shi jikin iri, ruwa kuma ya ɗauke. Da ya rubuta layi biyu, da ban yi asarar shekarar ba. Damina ba ta dawowa don wani ya ji kunya!

Na biyu kishiyar wannan ne: ɗalibi ya buga ƙirji wai ya rushe abin da masana suka sani. Da fegi takwas, a gona ɗaya, damina ɗaya? Haba ɗana. Koma ka duba tukuna. Wataƙila marasa takin sun faɗa ƙarƙashin gawo ko tsohon makwancin shanu, inda ƙasa ta riga ta ƙoshi. Rubuta "a wannan gwajin ba mu ga ƙarin amfani ba", sannan ka ware abin da ka auna daban da abin da kake zato.

Kada ka sauya hasashen farko bayan ka ga sakamako. Kada ka rubuta "kuskuren ɗan Adam", faɗi wane kuskure, a wace rana. Littafin gona kuma da bik nake cika shi, in na yi kuskure in ja layi ɗaya a kai yadda tsohuwar lambar za ta karantu.