Babi na shida: Yadda ake ƙiyasta kuɗin tsohon zinare

Idan awarwaro ya karye, ko ɗan kunne ya rasa ɗan'uwansa, mai saye ba ya duban kyawun ƙirarsa, domin narkar da shi za a yi. Kuɗin aikin da aka biya maƙeri ya riga ya tafi, abin da ya rage a lissafa shi ne tsantsar zinaren da ke ciki.

Tsantsar zinare karat 24 ne, amma yana da laushi ƙwarai, shi ya sa ake gauraya shi da jan ƙarfe ko azurfa kafin a ƙera kayan ado. Yawanci akan buga lamba a cikin zobe ko kusa da maɗaurin sarƙa, wadda ke nuna kashi nawa ne zinare cikin dubu. Lamba 916 tana nufin karat 22, lamba 875 karat 21, wanda ya fi yawa a kayan da alhazai ke kawowa daga Saudiyya, sannan 750 karat 18.

Sai dai lamba kaɗai ba shaida ba ce, domin akwai tagulla da ake yi wa rufin zinare a buga mata lamba. Maganaɗisu yana taimakawa kaɗan, tunda ba ya jan zinare, amma ba ya jan tagulla ma, don haka kada a tsaya a nan. Gwajin da 'yan kasuwa suka saba shi ne a goga kayan a kan baƙin dutse har ya bar layi, a ɗiga masa ruwan asid na karat ɗin da ake zato. Idan layin ya tsaya, zinaren ya kai wannan karat. Idan ya dushe ko ya ɓace, bai kai ba. Kaya mai kauri sai an ɗan kankare shi a wuri ɓoyayye, domin rufi kan yaudari dutse. Kada a goga daidai inda aka taɓa yin liƙi, saboda abin liƙin yakan gaza sauran jiki tsarki.

Kafin awo, a ware kayan karat-karat, kuma wannan ne matakin da mutane suka fi yin asara a kansa. A cire duwatsun ado da zare da ɗan ƙarfen da ke cikin maɗauri. A ɗora sikelin a wuri mai daidaito, nesa da iskar fanka, a ga ya nuna sifili da ido kafin a sa komai a kai.

Mu ɗauka wata mata ta kawo awarwaro mai lamba 875 wanda nauyinsa giram 20 ne, da sarƙa mai lamba 750 wadda ta yi giram 12.4, amma da aka cire duwatsu ta dawo giram 10. Ana ninka nauyi da lambar, sannan a raba da dubu. Awarwaro, 20 sau 875 a raba da 1,000, ya ba da giram 17.5. Sarƙa, 10 sau 750 a raba da 1,000, ta ba da giram 7.5. Tsantsar zinarenta ke nan giram 25.

Farashi yana sauyawa kullum, dole a tambayi na ranar a shago fiye da ɗaya. Don sauƙin lissafi kawai, mu ce giram na tsantsar zinare naira 100,000 ne, sai kayan su kama naira 2,500,000. Mai tacewa zai cire ladarsa ta wuta da asid da ɗan abin da ke salwanta a narki. Idan an daidaita a kan biyar cikin ɗari, za a cire naira 125,000, matar ta karɓi naira 2,375,000.

Da ta yarda an haɗa kayan wuri ɗaya an ɗauke su duka karat 18, da giram 30 ɗin sun ba da giram 22.5 kawai, ta rasa giram biyu da rabi, wato naira 250,000, ninki biyu na ladar tacewar.

A kuma kula da cirewa sau biyu. Wasu masu saye farashin giram na karat 21 ko 18 suke faɗa kai tsaye, wanda an riga an rage gaurayen a ciki, wani lokaci har da ladar tacewa. A irin wannan hali nauyi kawai ake ninkawa da farashin, don haka a tambaya tun farko ko na tsantsa ne ko na karat, kuma ko akwai sauran abin da za a cire.

Aikin gwaji: zobe mai lamba 750 ya yi giram 8 ba tare da dutse ba. Da farashi da ladar da ke sama, nawa mai shi zai karɓa?