Shagon da ka gina wa kanka: inda sababbin akantoci ke tafka kuskure a littafi

A wannan shekarar kaɗai sau uku aka kawo mini littafin ɗan kasuwar da ya gina shago, kuma duka ukun ciwonsu ɗaya ne. Yaro ya fito daga makaranta da takardarsa, an ba shi riƙon lissafi, maigida ya fara gini, sai ya riƙa zuba kuɗin siminti da na birkila a cikin kashe-kashen yau da kullum, kusa da kuɗin wuta da man janareta. Ƙarshen shekara lissafi ya nuna asara, alhali kasuwa ta yi kyau. Maigida ya kai takardun zuwa banki neman rance, aka dube shi aka ce kasuwancinsa faɗuwa yake yi.

Kuɗin gini ba ɓacewa ya yi ba, kama ya sauya: da yana banki, yanzu ya zama bango da rufi. Don haka tun ranar da aka biya mai zane, sai ka buɗe masa asusu na musamman a ɓangaren kadarori, asusun aikin da ba a kammala ba. A manhajar lissafi yawanci ana sa masa suna `Capital Work in Progress`. Duk abin da aka kashe kai tsaye a kan ginin nan yake taruwa, ba ya taɓa lissafin riba, ba a kuma cire masa raguwar daraja. Ranar da ginin ya isa a yi amfani da shi, sai a kwashe jimillar gaba ɗaya a mayar asusun gine-gine, wato `Buildings`. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai lamba IAS 16 ke nan a taƙaice. Da baki kowa ya iya ta. A aikace ne ake raba gari.

Bari in fara da wanda ya fi ƙona mini rai, don nawa ne. Akwai wani Alhaji a nan Kano da nake riƙe wa littafi, dillalin siminti da rodi, shi da ƙaninsa suka haɗa jari. Suka sayi fili suka fara gina shago mai ƙofa biyu don su bar haya. Duk abin da aka sayo a waje ina da rasit ɗinsa, ina shigarwa. Abin da ban yi tunani ba shi ne siminti. Mai sayar da siminti ai ba zai je wani wuri ya saya ba. Da safe sai Alhaji ya ce a loda buhu talatin a kai wurin gini, babu takarda, babu sa hannu. Da aka zo ƙirgen haja a ƙarshen shekara, sai sito ya yi giɓin buhu 400. Ido ya koma kan yaron da ke riƙe da makulli. Ina tsaye aka titsiye shi, yana rantsuwa yana cewa, “Wallahi Alhaji, ban taɓa fitar da buhu ɗaya ba sai da izininka.” Gaskiyarsa ce. Sai da muka kira birkila ya fito da ɗan littafinsa duk ƙurar siminti, inda yake rubuta abin da aka sauke masa kullum, sannan lissafi ya fita. Yaron bai ƙara sakin jiki da ni ba har ya bar wurin, kuma ban ga laifinsa ba.

Tun daga lokacin ba na yarda buhu ɗaya ya bar sito zuwa wurin gini sai da takardar fitarwa mai kwafi biyu, ɗaya a sito, ɗaya a hannun mai karɓa, ko da maigida ne da kansa ya ɗauka a bayan motarsa. Wasu na cewa na cika tsanani. Su yi ta faɗa.

Kuma ko da ka shigar da simintin, da wane farashi? Nan ma na ga ana zamewa. Buhun nan Alhaji ya saro shi naira 9,000, yana sayarwa 9,800. Yaro mai hanzari sai ya rubuta shi a matsayin ciniki, da farashin sayarwa. Ka ga ya ƙirƙiro ribar naira 320,000 da babu wanda ya biya, ya kuma kumbura darajar ginin da wannan adadin. Mutum ba ya cin riba a kan kansa. Da farashin sari za ka fitar da shi daga haja ka kai asusun aikin: buhu 400 sau 9,000, naira 3,600,000.

Ga yadda lissafin ginin ya kasance da na tattara shi. Zane da izinin gini 350,000. Siminti 3,600,000. Bulo da yashi da tsakuwa 2,450,000. Rodi da katako da kwano 4,100,000. Ƙofofi da wayarin da fenti 2,300,000. Kuɗin birkila da kafinta da leburori 2,200,000. Jimilla naira miliyan 15 daidai.

Amma ba duka ne suka cancanci zama kadara ba. A cikin damina an bar buhu 40 a waje ba tamfol, ruwa ya doke su suka daskare. Naira 360,000 ke nan. Sannan an ɗaga wani bango a karkace, sai da aka rushe shi aka sake, abin da ya ci 240,000. Ɗan ɓarnar da aka saba gani a kowane gini, kamar bulon da ya fashe wajen saukewa ko guntayen rodi, wannan yana cikin kuɗin gini. Amma ɓarnar sakaci asara ce ta wannan shekarar, ba ta ƙara wa shagon darajar ko kwabo. Na cire 600,000 na kai lissafin riba da asara, saura 14,400,000. Alhaji bai ji daɗi ba, ya ce, “Malam, ai duk a ginin nan aka kashe su.” Na ce, “Haka ne ranka ya daɗe, amma in za ka sayar da shagon gobe, wa zai biya ka kuɗin simintin da ya zama dutse?”

Fili kuwa ban sa shi a wannan asusun ba sam. Naira miliyan 6 aka saye shi, da 400,000 na dillali da takardun mallaka, suka tafi asusun `Land` su kaɗai. Dalili shi ne fili ba ya tsufa, don haka ba a cire masa raguwar daraja. Wanda ya cakuɗa shi da gini zai yi shekara ashirin yana zaftare darajar ƙasar da kullum tsada take ƙarawa.

Yanzu ga na biyun, wanda ya ci mini mutunci a gaban odita. Ginin nan an gama shi a farkon Afrilu: rufi, ƙofofi, wuta, komai. Abin da ya kamata in rubuta a ranar shi ne wannan:

```
Dr  Buildings                   14,400,000
Cr  Capital Work in Progress    14,400,000
```

Ban rubuta ba. Da farko na ce bari a tare tukuna, don Alhaji ya jinkirta buɗewa zuwa Yuli yana jiran kaya. Da aka tare kuma sai na ce ai akwai sauran ɗan fenti a baya. Daga nan na manta. Asusun ya zauna a buɗe, kuma asusun da aka bari a buɗe juji yake zama: gyaran kwaɗo, canjin ƙwan fitila, albashin maigadi, duk na riƙa turawa can saboda an ambaci sabon shago. Sai a ƙarshen shekara ta biyu odita ya ɗaga kai ya tambaye ni, “Wannan ginin da ba a gama ba, a ina yake?” A cikinsa muke zaune.

Ku duba abin da hakan ya jawo. Mun ƙiyasta ginin zai yi shekara 20 yana aiki, ba mu kuma sa ran sauran wata daraja a ƙarshe. Raba 14,400,000 gida ashirin, ka sami 720,000 a shekara, wato 60,000 a wata. Daga Afrilu zuwa Disamba wata tara, 540,000. Shekara ta biyu cikakkiya, 720,000. Naira 1,260,000 ke nan da ba a cire ba, kuma 540,000 na shekarar farko an riga an haɗa su cikin riba, wa da ƙani sun raba sun kashe. Dole aka koma aka gyara alƙaluman bara, ni kuma na zauna ina yi wa mutum biyu bayanin yadda suka ci wani abu daga jarinsu suna zaton riba ce.

Ku riƙe wannan da kyau, don a nan kusan kowa ke faɗuwa: ranar da ake kallo ita ce ranar da ginin ya isa a yi amfani da shi, ba ranar walimar buɗewa ba, ba kuma ranar da aka fara ciniki ba. Ko shagon na kulle, tun Afrilu rana da ruwa suke dukansa. Ni dai al'adata yanzu, kowane ƙarshen wata ina zuwa wurin gini da ƙafata in duba, in ɗauki hoto. Ranar da na ga za a iya jera kaya, sai in sa maigida ya sa hannu a takarda mai kwanan wata, in kwashe asusun, in rufe shi a manhaja yadda ba wanda zai ƙara shigar da komai. Ba wata doka ce ta ce a yi haka ba, tsoron kaina nake ji. In kana son ka gane ko kai ma ka faɗa ramin, buɗe asusun ka duba: in ya yi wata shida adadinsa bai motsa ba, ko kuma abin da ke shiga ƙananan kuɗi ne na dubu biyar, dubu goma, to ko aikin ya tsaya, ko an gama ka manta.

Sauran ƙanana ne, amma ina ganinsu. Kuɗin da aka riƙe wa ɗan kwangila sai an ga ingancin aiki yana cikin kuɗin gini. Shigar da shi a matsayin bashin da ake bin ku, kada ka jira ranar biya. Kafin alƙalamin da aka ba mai ƙera ƙofa bai zama gini ba sai ƙofa ta iso. Janareta da kanta da fanka kowanne da asusunsa, don ba za su kai shekara ashirin ba. Ragon walima da tallan rediyo kashe-kashe ne, haka ma hayar tsohon shago da kuke biya lokacin gini. Kuɗin ruwa na rancen gini kuwa ya danganta da ƙa'idar da kuke bi: a cikakkiyar IFRS, wato kundin ƙa'idojin lissafi na duniya, IAS 23 ta ce a haɗa shi cikin kuɗin ginin har zuwa kammalawa, amma a ta ƙanana da matsakaitan kamfanoni kashewa ake yi kai tsaye.

Sannan ka tambayi maigida tun wuri ko duka ƙofofin shi zai zauna a ciki. Bayan mun gama waccan rigimar ne Alhaji ya ce mini, kamar da wasa, ai ƙofa ta biyu ya yi wa wani mai sayar da fenti alkawarin haya. Ginin da aka ba da haya kadarar zuba jari ce, ƙa'idarta daban, IAS 40, ba a barinta a asusun abin da kake amfani da shi da kanka in dai ana iya raba su. Washegari na ari tef wurin kafinta, na je na auna kowace ƙofa don in raba kuɗin ginin bisa faɗin kowacce.